Me ya sa ma'aunin zafi ke tsayawa alhali wuta na ci a ƙarƙashin tukunya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji biyar a wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙauye kusa da Ringim. Malaminmu na Fiziks ya zana mana layi a allo, ya ce idan ƙanƙara na narkewa ko ruwa na tafasa, ma'aunin zafi ba ya motsi. Na ari ma'auni na gwada a gida da ƙanƙarar leda a kan risho. Lokacin narkewa ya yi ta nuna 3 zuwa 6 maimakon sifili, da ruwan ya tafasa kuma ya tsaya a 98 ya ƙi kaiwa 100. To ina zafin wutar yake tafiya? Ko ma'aunin ne ya lalace? Sannan Inna kullum cewa take a iza wuta don wake ya yi saurin nuna, shin hakan na yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Ma'auninka lafiyarsa ƙalau, malaminku ma daidai ya faɗa, kuma lambobin nan biyu da suka ba ka mamaki kowacce da dalilinta. Amma bari mu fara da inda zafin yake tafiya, domin sauran duk a kansa suka rataya.

Ma'aunin zafi ba ya ƙirga yawan zafin da wuta ta zuba a tukunya. Abin da yake gani kawai shi ne ƙarfin motsin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ruwan. Ƙwayoyin nan ba sa zama shiru ko a cikin ƙanƙara. A can suna karkarwa ne a inda suke, kowacce riƙe da maƙwabtanta huɗu a tsari guda, shi ya sa ƙanƙara take da tauri da siffa. Idan motsinsu ya ƙaru, lamba ta hau. Idan bai ƙaru ba, lamba ta tsaya, ko da kuwa wuta na ci bal-bal. To zafin da ya shiga abu yana iya yin ɗaya daga cikin aiki biyu. Ko dai ya ƙara wa ƙwayoyin saurin motsi, ko kuma ya tafi wajen ɓamɓare su daga riƙon da suka yi wa juna. Na farko ma'auni yana ganinsa. Na biyu ba ya gani, shi ya sa ake ce masa ɓoyayyen zafi. Wani malami a Jami'ar Glasgow mai suna Joseph Black ne ya fara auna shi a farkon shekarun 1760, tun ba a ma tabbatar da yadda ƙwayoyin suke ba.

Magana ba ta zama sai da lissafi, don haka mu ɗauki ƙanƙara rabin kilo, wato giram 500, wadda ta fito daga firiza a digiri 10 ƙasa da sifili. Da jul ake ƙirga yawan zafi, to mu ce rishonka yana shigar wa kwanon jul 500 na zafi a kowace daƙiƙa, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Na zaɓi wannan lamba ne don lissafi ya yi sauƙi, kuma ba ta yi nisa da abin da ƙaramar wuta ke iya bayarwa ba.

Da farko ƙanƙarar kanta ce za ta ɗumama daga 10 ƙasa da sifili zuwa sifili, tana nan a ƙanƙararta. Mutane da yawa suna ɗauka duk ƙanƙara sanyinta ɗaya, alhali wata ta fi wata sanyi nesa ba kusa ba. Giram ɗaya na ƙanƙara yana buƙatar jul 2.1 kafin ya hau digiri ɗaya. A nan ake amfani da Q = mcΔT, wato nauyi sau wannan 2.1 ɗin sau yawan digirin da aka hau: 500 × 2.1 × 10, jul 10,500 ke nan. Rishonka zai biya wannan a daƙiƙa 21. Kafin ka gyara zama an gama.

Daga nan sai layi ya kwanta. Giram ɗaya na ƙanƙarar da ke sifili yana shanye jul 334 kafin ya zama ruwan da shi ma yake sifili. Wasu littattafan jarrabawa suna rubuta 336, kai dai ka bi lambar da aka ba ka a takardar tambaya. Babu hawan digiri a nan, don haka babu ΔT a lissafin, Q = mL ne kawai: 500 × 334, jul 167,000, wato daƙiƙa 334, minti biyar da rabi. Ka duba bambancin. Daƙiƙa 21 ta isa a hau digiri goma, amma ga minti biyar da rabi wuta na ci lamba ko gezau.

Da ɓarɓashin ƙanƙara na ƙarshe ya ɓace sai layi ya sake miƙewa sama. Ruwa yana cin jul 4.2 a kowane giram a kowane digiri, ninki biyu na abin da ƙanƙara ke ci, shi ya sa idan za ka zana wannan hawan dole ya fi na farko kwanciya. Daga sifili zuwa 100: 500 × 4.2 × 100, jul 210,000, minti bakwai cif.

Sai kwanciya ta biyu, wadda ita ce babba. Giram ɗaya na ruwa mai tafasa yana buƙatar jul 2,260 kafin ya zama tururi. Rabin kilonmu zai ci jul 1,130,000, wato daƙiƙa 2,260, kusan minti 38. Ruwan da ya taso daga sanyin ƙanƙara har ya tafasa a minti bakwai, sai ya shafe fiye da ninki biyar na wannan lokacin yana ɓararraka kafin kwano ya bushe. Inna ta san wannan ba tare da alƙalami ba: tafasar ruwa ba ta da wuya, ƙonewarsa ce ke ɗaukar lokaci. Idan aka ce ka zana layin nan a WAEC ko NECO, ka ja kwanciyar sama ta fi ta ƙasa tsawo sosai, domin 2,260 ya kusa ninka 334 sau bakwai. Ɗalibai da yawa suna jan su daidai wa daida, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna hadda suka yi ba fahimta ba.

Dalilin wannan rata a fili yake idan ka koma ga ƙwayoyin. Narkewa sassauta riƙo ne kawai. Tsarin ya rushe, ƙwayoyin sun samu damar zamewa a jikin juna, amma har yanzu a cunkushe suke, suna kama wannan su saki wancan. Tafasa kuwa rabuwa ce gaba ɗaya. Kowace ƙwaya sai ta kuɓuce daga dukkan maƙwabtanta ta tashi ita kaɗai, har ruwan da ya cika kofi ɗaya ya zama tururin da zai cika kofi wajen 1,700. Raba su haka ya fi sassauta su tsada.

Akwai tambayar da ban cika jin ɗalibai sun yi ba, alhali ita ce gishirin maganar. An yarda narkewa na cin zafi, to me ya hana a raba, rabi ya tafi narkarwa rabi ya ɗumama ruwan da ya riga ya narke? Me ya sa layin yake kwanciya sarai maimakon ya riƙa hawa a hankali?

Amsar ita ce ƙanƙarar da ta rage ce take tsare ƙofa. Zafi kullum daga abu mai zafi yake gangarawa zuwa mai sanyi. Ka ɗauka ruwan da ke gefen wani guntun ƙanƙara ya ɗan ɗumama ya kai digiri ɗaya. Ya fi ƙanƙarar zafi ke nan, don haka nan take zafin zai tsallaka cikinta. Ita kuma ba ta iya wuce sifili tana ƙanƙara, abin da za ta yi da zafin shi ne ta narkar da wani ɓangarenta, ta saki sabon ruwa mai sanyin sifili. Ruwan da ya ɗaga kai an dawo da shi. Muddin akwai ƙanƙara a kusa, kuma tana cuɗanya da ruwan, haka za a yi ta yi. Ƙara wuta ba zai ɗaga lamba ba, narkewar ce kawai za ta yi sauri, kwanciyar layin ta gajarta.

Ka riƙe sharaɗin nan na cuɗanya, domin shi ne amsar 3 zuwa 6 ɗinka. Na tabbata ƙanƙarar dunƙule guda ka saka yadda ta fito daga leda, kuma ba ka juya ba. Ƙanƙara a sama take yawo, wuta kuwa a gindi take. Ruwan da ke ƙasa yana karɓar zafi da sauri fiye da yadda yake iya miƙa shi ga dunƙulen da ke nesa da shi. Sannan ruwa yana da wata ɗabi'a ta daban: a wajen digiri 4 ya fi nauyi, don haka ruwa mai digiri 4 ba ya tasowa sama ya haɗu da ƙanƙara, kwanciya yake yi a ƙasa, daidai inda kan ma'auninka yake. Abin da ka auna gaskiya ne, sai dai zafin wani lungu na kwanon ka auna, ba na cakuɗen ba.

Ga yadda za ka sake gwajin. Ka naɗe ƙanƙarar a tsumma mai tsabta ka daddaka ta da taɓarya ko dutse har ta zama ƙanana kamar tsakuwa. Ka cika gwangwanin madara babba ko ƙaramin kwano da ita, ka ɗan zuba ruwa kaɗan don kan ma'aunin ya samu abin taɓawa. Ka rage wutar risho iya raguwa, ko ma ka ɗora gwangwanin a cikin kwanon ruwan ɗumi maimakon kan wuta kai tsaye. Ka riƙe ma'aunin a tsakiya, kada ya taɓa gindi ko gefe, ƙaninka ya riƙa juyawa da tsinke ba tsayawa, kai kuma kana rubuta lamba duk bayan rabin minti. Za ka ga ta zauna a sifili ko kusa da shi ƙwarai, sai can da ƙanƙarar ta kusa ƙarewa ta fara ɗagawa. Wannan ɗagawar ta ƙarshe ba kuskure ba ce, ƙanƙarar ce ta yi kaɗan ta kasa tsare duk ruwan, shi ya sa layin da aka samu a gwaji yake da lanƙwasa a kusurwoyinsa, ba kaifi irin na allo ba. Hawan farko na ƙasa da sifili kuwa kada ka sa ran ganinsa da ƙanƙarar da aka ɗauko a kula daga gari a kan babur. Idan ka ga jikinta ya jiƙe tana ɗiga, ta riga ta iso sifili tun a hanya.

Abu biyu don lafiyarka. Kada ka taɓa sa ma'aunin asibiti na zazzaɓi a ruwan zafi, iyakarsa wajen digiri 42 ne, fashewa zai yi. Na ɗakin gwaji ma yawanci a 110 yake ƙarewa, don haka ka cire shi tun ruwa bai ƙone ba. Hawa na uku da malaminku ya zana, inda tururi ke wuce 100, ba ya ganuwa a buɗaɗɗen kwano, domin tururin ya riga ya gudu daga wutar. Sai an tsare shi a bututu an ci gaba da gasa shi ake samun wannan. Abin da zai yi zafi a gidanku idan ruwa ya ƙare kwanon ne, kuma cikin ɗan lokaci zai wuce abin da ma'auni zai iya ɗauka.

Yanzu 98. Wannan lambar ita ce ta fi faranta mini rai a saƙonka, domin ta nuna abin da ka gani ka rubuta, ba abin da littafi ya ce ka gani ba. Ina roƙonka ka riƙe wannan hali.

Tafasa tana nufin kumfar tururi ta samu damar buɗewa a cikin ruwan kansa, ba a samansa kaɗai ba. Kumfar nan tana da abokin hamayya, wato nauyin iskar sararin sama da ke danne ruwan. Idan tururin da ke cikinta bai kai ƙarfin wannan danniya ba, murƙushe ta za a yi. Ƙarfin turin tururi yana ƙaruwa ne da zafin ruwa, kuma a daidai digirin da ya yi kunnen doki da danniyar iska, a nan ake tafasa. A bakin teku, kamar Legas, wannan digirin 100 ne. Mu kuwa a kan tudu muke. Birnin Kano yana sama da teku da mita wajen 480, yawancin ƙasar Jigawa kuma ta ɗan fi haka gangarawa. Iskar da ke kanmu ba ta kai ta Legas nauyi ba, kuma duk hawan mita 300 yana rage wa tafasa kusan digiri ɗaya. Saboda haka ruwa a wajenmu tsakanin 98 da 99 yake tafasa. A Jos, da ke sama da mita 1,200, wajen 96 ne. Ma'auninka ya faɗi gaskiyar Ringim. A jarrabawa ka rubuta 100, domin sun ɗauka danniyar iska ta bakin teku ce, amma ka san dalili.

Kwanciyar layin a nan ma tsaron ƙofa ne irin na ɗazu. Duk ɗigon ruwan da ya ɗan wuce 98, sai ya zama kumfa ya tashi, ya tafi da jul 2,260 a kowane giram. Ƙara wuta, kumfa ta ƙaru, zafin ya fita da saurin da ya shigo. Shi ya sa ruwan da ke motsi a hankali da wanda ke zaɓaɓɓaka yana fantsama zafinsu ɗaya. Sai dai ka kula, ba duk kumfa ce tafasa ba. Ƙananan da ke manne a jikin tukunya tun ruwa na da ɗumi-ɗumi, iska ce da ta narke a cikin ruwan take fita. Ƙarar da buta ke yi dab da tafasa kuma kumfar tururi ce da ta tashi daga gindi mai zafi, ta tarar da ruwan sama bai kai ba, ta murƙushe. Tafasa ta gaskiya ita ce lokacin da manyan kumfa ke tasowa daga ƙasa har su fashe a sama, ƙarar ta lafa. Daga nan za ka fara ƙirga kwanciyar layi.

Zafin da ya ɓuya bai ɓata ba, kuma wannan ne rabin maganar da ake yawan mantawa. Kamar mai zuba adashi ne: kuɗi na shigo masa kullum, aljihunsa bai nuna ba, amma ranar kwasa za a ga ba su salwanta ba. Ranar kwasar tururi ita ce lokacin da ya taɓa abu mai sanyi ya koma ruwa, sai ya sauke jul 2,260 ɗin nan cif a kan abin da ya taɓa. Da haka dambu ke nuna a madambaci ba tare da ruwa ya taɓa shi ba, da haka masu turara shinkafa a Kura da Haɗeja suke dafa ta a cikin ɓawonta. Kuma shi ya sa ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni. Giram ɗaya na tafasasshen ruwa da ya zuba a hannu, kafin ya huce zuwa zafin jiki, jul wajen 260 zai bari a fata. Giram ɗaya na tururi zai fara sauke 2,260, sannan ya ƙara wancan 260 ɗin, kusan ninki goma ke nan, alhali ma'auni zai ce zafinsu ɗaya. Tururi na ainihi ma ba ya ganuwa. Farin hayaƙin da kake gani a saman tukunya ƙananan ɗigon ruwa ne da suka riga suka fara hucewa. Wurin da ya fi haɗari shi ne ɗan filin da ke tsakanin bakin tukunya da farin hayaƙin, inda ido ba ya ganin komai. Ka gaya wa ƙannenka mata su riƙa ɗaga murfi ta ɓangaren da ke nesa da fuskarsu. Idan kuma tsautsayi ya afku, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi na randa a wurin kamar minti ashirin, ba ƙanƙara ba, ba manja ba.

Haka abin yake ta ɓangaren sanyi, kuma masu sayar da zoɓo da azumi da shi suke cin abinci. A ce kana da zoɓo lita biyu a digiri 35, zafin bazara, kana so ya sauko 10. Sai an cire masa 2,000 × 4.2 × 25, jul 210,000. Giram ɗaya na ƙanƙara zai shanye 334 wajen narkewa, ya ƙara 42 wajen hawa daga sifili zuwa 10, jimla 376. Ƙanƙara giram 560 ta wadatar, rabin kilo da ɗoriya. Da ruwan sanyi ne mai digiri sifili, wanda 42 ɗin kaɗai yake da ita, sai ka zuba lita biyar, ka ga zoɓo ya tashi daga aiki. Sanyinsu ɗaya a ma'auni, amma aikinsu ba ɗaya ba.

To mu zo ga Inna da wakenta. Maganarta tana da gaskiya har zuwa wani wuri. Kafin tukunya ta tafasa, iza wuta yana gajarta jira, domin a kan hawa ake. Haka idan tukunyar babba ce, ko ana iskar hunturu tana kwashe zafi ta gefe, ana buƙatar wutar da za ta riƙe tafasar kada ta mutu. Amma da zarar ta tafasa sosai, an hau kwanciyar layi. Abin da ke nunar da wake zafin ruwan da yake ciki ne da tsawon lokacin da ya yi a ciki, kuma zafin nan ya tsaya a 98 ko itace uku ne a murhu ko goma. Itacen da aka ƙara ruwa kawai yake korarwa sama, a dawo a ƙara wani ruwan mai sanyi, tafasa ta tsaya, a sake jira. Ka lissafa asarar: lita ɗaya da ta ƙone a banza jul miliyan biyu da dubu ɗari biyu da sittin ce. Murhun duwatsu uku kaɗan yake isarwa ga tukunya daga zafin itace, abin da bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, don haka korar lita ɗayan nan tana cin busasshen itace kusan kilo guda. A ƙasar da mata da yara ke tafiya mai nisa neman kara da itace, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma yana damuna ganin ana ƙona shi a kan abin da ba ya ƙara wa girki komai.

Abin da ke taimakawa da gaske shi ne murfi. Tururin da ya taɓa murfi yana komawa ruwa ya ɗiga ciki, iska ba ta kwashe shi, don haka wuta kaɗan ta isa ta riƙe tafasa. Jiƙa wake tun da dare yana rage lokaci. Kanwar da Inna ke jefawa ita ma tana aiki, amma ba ta hanyar zafi ba, laushi take sa wa jikin waken. Hanya ɗaya tak da za a sa ruwan kansa ya wuce 98 ita ce a ƙara masa danniya, kuma aikin tukunyar nan mai murfin ɗauri da ke huci ke nan. Tana tsare tururi har danniyar ciki ta kusa ninka ta waje, tafasa ta koma wajen 120, wake ya nuna a ɗan lokaci. Kada dai wani ya ce zai kwaikwaya da tukunyar gida ta hanyar toshe ta da ɗora dutse, domin waccan tana da mafitar da aka auna mata. Kuma kada ka je wa Inna da lacca. Ka roƙe ta wata rana a raba wake biyu daga jiƙo ɗaya, tukunya ɗaya a bar ta tana zaɓaɓɓaka, ɗayar a janye itace bayan ta tafasa a rufe ta tana motsi a hankali. Ita da kanta za ta latsa ta gani, ta kuma dubi itacen da ya rage.

Kwanciyar layi sarai ta abu tsantsa ce, kuma ya kamata ka san iyakarta. Gishirin miya bai isa ya canza komai ba. Sai ka narkar da wajen giram 58 a lita ɗaya kafin tafasa ta ɗaga da digiri ɗaya, miyar da ba mai iya sha. Amma je ka wajen masu dafa mazarƙwaila. Ruwan rake yana fara tafasa kusa da inda ruwa ke yi, sai dai ruwan ne kaɗai ke tashi, sukarin yana nan, don haka abin da ya rage kullum ƙara kauri yake, tafasarsa tana ƙara hawa har ta haura 110 kafin a sauke a zuba a ƙananan kwanuka. Layinsu ba ya kwanciya, jingina yake yi. Man shanu da man kaɗe kuma haɗin kitse ne iri-iri, kowanne da digirin narkewarsa, shi ya sa suke fara laushi su yi taɓo kafin su zama ruwa, ba kamar ƙanƙara da ba ta da tsaka-tsaki ba.

A kaskon ƙosai za ka ga dokar tana aiki a wuri biyu lokaci guda. Man gyaɗa yana kaiwa 170 zuwa 180 ba tare da ya tafasa ba. Kumfar da ke tashi idan an jefa ƙullu ba man ne ke tafasa ba, ruwan ƙullun ne ke fita. Cikin ƙosan, muddin da sauran ruwa, ba ya wuce zafin tafasar ruwa, don haka yake nuna da laushi. Bayansa kuwa ruwansa ya ƙare, ya sauka daga kwanciyar layi, zafinsa ya haura, shi ya sa yake yin ja. Idan wuta ta yi yawa, bayan zai ƙone tun zafi bai ratsa ciki ba, a samu baƙin ƙosai mai ɗanyen ciki. Mai suya takan gane ya kusa isa idan kumfar ta ragu ƙarar ta sassauta, alamar ruwan da ke kusa da bayan ya ƙare, kuma daga wannan lokacin ne take tsayawa a kansa da matsami don kada ya wuce.